Yadda za ki riƙe kayen adashenki: zubi, kwasa da abin da ya rage

Uwar adashe tana da nata lissafi, a takarda ko a ka, amma lissafin mutum goma take riƙewa, ke kuwa na mutum ɗaya ne ya dame ki. Shekaruna da dama ina zubi a nan Maraɗi, kuma rigingimun da na gani da idona ba na sata ba ne. Mantuwa ce, ko aike da ya tsaya a hanya, ko layin da aka sauya da baki ba a rubuta ba. Shi ya sa nake riƙe kaye nawa na kaina, kuma yadda nake yin sa ne zan shimfiɗa a nan. Da mace nake magana don mu muka fi yawa a harkar, amma ɗan kabu-kabu ko tela mai zubin kullum zai iya bin tsarin nan ba tare da ya sauya komai ba.

Adashen da nake nufi shi ne wanda kowa ke zuba abu ɗaya, mutum ɗaya ya kwashe duka, a zagaya har kowa ya samu. Ba irin asusun Mata Masu Dubara ba ne, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, inda kuɗi ke zama a akwati ana ba da rance sannan a raba a ƙarshe. Wancan lissafinsa daban ne. A adashe kuɗi ba ya kwana: kafin ki kwasa ke ce ke bin mutane bashi, bayan kin kwasa su ne ke bin ki. Aikin kayen shi ne ya gaya miki, ko wace rana kika buɗe shi, a wane ɓangare kike da kuma nawa ne.

Kayan aiki da shawarar farko

Ki sayi ƙaramin kaye irin na ƴan lakwal, mai layi, da bik. Kada ki yi amfani da fensir, don abin da ake gogewa ba ya zama shaida. Kada ki haɗa shi da kayen bashin masu sayen kaya, kuma kada ya zama wanda yara ke yagar takarda a ciki. Idan boko bai zauna miki ba, ajami ya isa. Lambobi ne dai suka fi yawa.

Kafin ki ja layi ko ɗaya, ki yanke shawara a kan harshen da za ki rubuta kuɗi da shi. A bakinmu da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin ita ce 100, dala ɗari ita ce 500, jika ɗaya ita ce 1.000, dala dubu kuma ita ce jika biyar, wato 5.000. Idan kika rubuta 1.000 kina nufin dala dubu, ɗanki da ya yi lakwal zai karanta jika ɗaya, ya ce miki kin biya kashi ɗaya cikin biyar na abin da kika biya. Ke kanki bayan wata uku sai ki tsaya kina tunanin me kika nufa. Ni abin da aka buga a jikin takardar kuɗin nake rubutawa: takardar jika biyar 5.000 ce a kayena, har abada. A saman shafin farko na rubuta "duk lissafin nan da sefa ne", don wanda zai buɗe shi bayana.

Shafin farko: sharaɗin da aka yi

Ranar da aka ƙulla adashen, tun kafin a yi zubin farko, ki rubuta abin da aka amince. Zan yi misali da wani da na yi, don a ga yadda abin yake a aikace. Mu goma ne, amma hannu goma sha biyu, saboda ni da wata mai sayar da atamfa a babbar kasuwa hannu bibbiyu muka ɗauka. Kowane hannu 5.000 ne duk Juma'a da la'asar. Kwasa ɗaya ke nan 60.000, adashen kuma zai kai zubi 12. Mun amince duk wadda ta kwasa za ta bar wa uwar adashe 1.000 ta goro. Wannan ba doka ba ce ta ko'ina, wasu ba sa ba da komai, wasu kwasar farko suke bar mata ta fara ɗauka. Ko wanne ne naku, ki tambaya a gaban mutane ki rubuta.

Abin da ake ƙirgawa shi ne hannu, ba kai ba. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: sai a ce "mu goma ne", mace ta sa rai adashe zai ƙare a mako na goma, alhali saura biyu. Yawan hannu shi ne yawan zubi, kuma yawan hannu sau kuɗin hannu shi ne kwasa. Idan waɗannan lambobi uku ba su dace da juna ba a shafinki, akwai abin da ba a gaya miki ba tukuna.

A ƙarƙashin wannan sai ki jera layin kwasa daga 1 zuwa 12, kowace lamba da sunan mai ita. Nawa su ne na 4 da na 10, na zagaye su. Ki bar fili a gefen kowane suna, za ki bukace shi idan aka yi musaya. Sannan ki rubuta abin da aka ce game da wadda ta makara: ana jira har Asabar ne, ko uwar adashe ke cikawa daga aljihunta ta bi bashin? Da kin gama, ki karanta wa uwar adashe shafin. Ni nakan ce, "Hajiya, ga abin da na fahimta, in na yi kure ki gyara mini." Ba a taɓa jin haushina a kan haka ba, domin tambaya ce aka yi da ladabi tun ba a kai ga kuɗi ba.

Shafin zubi

Nan ne zuciyar kayen. Ki buɗe shafi biyu masu kallon juna, ki ja layuka daga sama zuwa ƙasa ki fitar da gida shida: lambar zubi, kwanan wata, abin da na zuba, hannun da ya karɓa, wadda ta kwasa, da matsayina. Ki cika lambobin zubi tun yau, 1 zuwa 12, amma kada ki cika kwanan wata sai ranar ta zo. Dalilin zai bayyana nan gaba.

Ga yadda rabin farko na nawa ya kasance:

| Zubi | Rana | Na zuba | Wa ya karɓa | Mai kwasa | Matsayina |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 3/1 | 10.000 | Hajiya | Hajiya | ina bin 10.000 |
| 2 | 10/1 | 10.000 | Hajiya | mai tuwo | ina bin 20.000 |
| 3 | 17/1 | 10.000 | Hajiya | mai kitso | ina bin 30.000 |
| 4 | 24/1 | 10.000 | an cire a kwasa | ni | ana bina 20.000 |
| 5 | 31/1 | 10.000 | ƴar Hajiya, aike | mai atamfa | ana bina 10.000 |
| 6 | 7/2 | 10.000 | Hajiya | mai ƙuli-ƙuli | babu |

Gidan ƙarshe shi ne wanda mutane ke bari, ni kuwa saboda shi nake riƙe kayen. Lissafinsa mai sauƙi ne: ki haɗa duk abin da kika zuba daga farko zuwa yau, ki kwatanta da duk abin da kika kwasa. In zubi ya fi yawa, ke ke bi. In kwasa ta fi, ana binki. A zubi na 4 na zuba jimlar 40.000, na kwashi 60.000, don haka 20.000 na mutane ne ke hannuna. Na ci gaba da zubawa har lissafin ya daidaita a na 6, daga nan na koma mai bi: 10.000 a na 7, 20.000 a na 8, 30.000 a na 9. A na 10 jimlar zubina ta kai 100.000, kwasata biyu 120.000, aka sake bina 20.000. Na 11 ya rage 10.000, na 12 ya share. Idan layin ƙarshe bai ba ki "babu" ba, ko kin tsallake zubi, ko an rage miki a kwasa, kuma gidan nan zai nuna miki makon da abin ya karkace.

Amfaninsa bai tsaya ga gano kure ba. Ranar da aka miƙa miki kuɗi a dunƙule, zuciya sai ta ɗauka duka naki ne. Kayen yana tuna miki cewa daga 60.000 ɗin nan, 40.000 ne guminki, sauran amana ce da za ki mayar. Wadda ta kwasa ta farko a hannu ɗaya, 55.000 ake binta. Wannan bashi ne sosai, irin wanda aya ta 282 a suratul Baƙara ta ce a rubuta, kuma in Allah ya yi wa mutum rasuwa a tsakiya, magada za su bukaci sanin ko za su biya ne ko za su karɓa.

Gidan "wa ya karɓa" kuma ki cika shi da gaskiyar abin da ya faru, ba abin da ya kamata ya faru ba. A zubi na 5 ina wurin suna, na aiki yarona da kuɗin. Ya tarar Hajiya ta fita, ya ba ƴarta. Da ya dawo na tambaye shi wa ya ba, na rubuta. Bayan mako biyu Hajiya ta aiko cewa akwai 10.000 da ba ta gani ba daga wurina, ta cika wa mai atamfa daga nata. Da ba ni da kaye, abin da zan iya cewa shi ne "wallahi na biya", ita ma ta rantse ba ta karɓa ba, kuma dukanmu gaskiya muke faɗa. Sai na je na ce, "Hajiya, na 5 ne, ranar 31, a hannun ƴarki aka bari." Aka kira yarinyar, ta tuna ta sa su cikin kwanon samira ta manta. Kuɗin na nan yadda aka naɗe su. Tun daga ranar, duk aiken da na yi sai na kira a waya da yamma na ji ya isa, sannan in sa ɗan alama a gefen layin.

Ki rubuta a ranar. Wanda ya ce zai cika layi uku ranar Lahadi daga ƙwaƙwalwa, abin da yake tsammani yake rubutawa. Ni a jakata kayen yake ranar Juma'a, ina miƙa kuɗi ina rubutawa. In kin yi kure, ki ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, ki rubuta daidai a sama. Kada ki dame shi da tawada, kada ki yage shafin.

Ranar kwasarki

Wannan rana tana son shafinta daban, domin abin da ke shiga hannunki kusan kullum bai kai lambar da ke shafin farko ba, kuma dole ki san dalilin kowane ragi. A al'ada ba ka miƙa zubinka a ranar da za a dawo maka da shi, sai a cire. To ni a zubi na 4, kwasa 60.000 ce. An cire zubina na hannu biyu, 10.000, saura 50.000. An cire goron Hajiya, 1.000, saura 49.000. Abin da ya kamata in ƙirga ke nan. Da na ƙirga sai na sami 44.000, saboda mai kitso ba ta kawo ba. Na rubuta su a jere kamar yadda na faɗa, a ƙasa na sa: "saura 5.000, wurin mai kitso, Hajiya ta ce Litinin." Da Litinin ta zo aka kawo, na rubuta ranar na ja layi.

Kuskuren da na fi gani shi ne mace ta rubuta "na kwashi 44.000" kawai, ta bar gidan zubi na wannan mako babu komai. Bayan wata biyu ta duba, sai ta ga kamar an cuce ta 16.000, ko kuma kamar ta tsallake zubi ɗaya. Duka biyun ba haka ba ne. A shafin zubi ki rubuta 10.000 ɗinki cikakku tare da "an cire a kwasa", ki ɗauki kwasa a matsayin 60.000, cikon da ake jira kuma ya zauna a shafin kwasa har ya iso. Kuɗin goro ba ya shiga gidan matsayi, don ba bashi ba ne, kashewa ce.

Ki ƙirga a gaban wadda ta ba ki, kafin ki tashi daga tabarma. Takardar da ta yage ko ta tsufa har ƴan kasuwa ba za su karɓa ba, a nan ake mayar da ita.

Abubuwan da ke karkatar da layi

Na ce kada ki cika kwanan wata tun farko. A adashen nan an yi rasuwa a gidan Hajiya, aka ɗage zubin 14/2 gaba ɗaya. Zubi na 7 ya koma 21/2, kwasata ta biyu da nake sa ran 7/3 ta koma 14/3. Wadda ke ƙirga da kwanan wata sai ta zo ranar 7/3 tana cewa layinta ne, alhali zubi na 9 ake yi. Sallah ma takan jawo haka, da lokacin shuka ga masu zuwa gona. Makon da aka ɗage, ki rubuta shi a gefe: "14/2 ba a yi zubi ba, an ɗage wa kowa." Kalmar "kowa" tana da muhimmanci, ita ke bambanta shi da makon da ke kaɗai kika gaza.

Musayar layi ita ce ta biyu, kuma alheri ce da ke cikin adashe tun asali: wata za ta yi biki ko ta kai yaro likita, ta roƙi ki ba ta layinki ki ɗauki nata. Ki yarda in kina iyawa, amma a yi a gaban uwar adashe. Ki koma shafin farko, a filin nan da kika bari, ki rubuta cewa na 10 ya koma wurin wance, ke kin koma na 12, da ranar da aka yi maganar. Kada ki goge tsohon suna. Sannan ki lura da abin da musayar ta jawo: da na koma na 12, da abin da nake bi ya haura zuwa 50.000 a zubi na 11 maimakon ya tsaya a 30.000. Ba laifi ba ne, amma gara ki san nawa kika bari a hannun mutane kafin ki ce to.

Akwai kuma rabin hannu, inda ku biyu kuke haɗa 2.500 kowacce a ƙarƙashin suna ɗaya. Uwar adashe suna ɗaya ta sani, shi za ta bi in an gaza. Idan sunanki ne, ki ware wa abokiyar haɗinki shafi, ki riƙa rubuta abin da ta kawo miki duk mako. Idan sunanta ne, to ita ce "wa ya karɓa" a kayenki, kuma ki rubuta tun farko cewa rabonki 30.000 ne kafin a cire rabin goro.

Biyan da aka yi ta waya ko ta gidajen aika kuɗi yana da shaidarsa, amma saƙo yakan goge, waya takan ɓata. Ki kwafi lambar shaidar aikawa a gefen layin, ko ki maƙala ƴar takardar da aka ba ki a bayan kayen. Ki tabbata abin da ya isa cikakke ne. In an cire ladan aike daga ciki, 10.000 ɗinki ba su cika ba, cikon kuma a wuyanki yake. Masu fatauci ta Ɗan Isa zuwa Jibiya kuma wani lokaci naira ce a hannunsu. Shawarata ita ce a canza kafin a kawo. In dole ta sa an karɓa, ki rubuta nairar da aka bayar da sefar da aka amince ta tsaya a kai a ranar, domin canjin wannan mako ba shi ne na mako mai zuwa ba.

Idan wata ta fita a tsakiya, gidan matsayi ne ke raba gardama. Wadda ba ta kwasa ba, abin da ta zuba take bi, yawanci sai ƙarshe ake mayar mata ko a sami mai maye gurbinta. Wadda ta riga ta kwasa, sauran zubin bashi ne a kanta. A naki kayen ki rubuta abin da aka yanke, musamman ko yawan hannu ya ragu, don in ya koma 11 kwasa ta zama 55.000, kuma waɗanda suka riga suka kwashi 60.000 suna da 5.000 da za su mayar wa mai fitar.

Idan kina cikin adashe fiye da ɗaya

Yawancinmu haka muke: na mako a unguwa, na wata a wurin aiki ko dangi, wani lokaci da na kullum a kasuwa. Kowanne ki ba shi nasa shafuka, kada ki cuɗa su a jeri ɗaya. A shafin ƙarshe na kayen sai ki haɗa abu biyu kawai a farkon kowane wata: jimlar zubin da ke jiranki a watan, da kwasar da ke tafe. Ki tuna wata mai Juma'a biyar, don hannu biyu na 5.000 a irin wannan wata 50.000 ne, ba 40.000 ba. Idan kika ga wata biyu a jere kwasar wannan ce ke biyan zubin wancan, hannuwan sun fi ƙarfin cinikinki, ki rage ɗaya a zagaye mai zuwa.

Rufe zagaye

Ranar zubi na ƙarshe ki haɗa gidan "na zuba" daga sama zuwa ƙasa. Nawa ya ba da 120.000, kwasa biyu 120.000, goro 2.000. Ki duba shafin kwasa ko akwai cikon da ba a ja wa layi ba. Sannan ki je wurin uwar adashe kafin a fara maganar sabon zagaye, ki ce, "Hajiya, a lissafina ba na bi, ba a bina, haka yake a wurinki?" In ta amsa, ki rubuta "an rufe" da kwanan wata, ki ja layi biyu. Sabon zagaye a sabon shafi yake farawa, da sabon jerin sunaye, ko da mutanen ba su sauya ba, domin layi yakan sauya. Tsohon kayen ki ajiye shi inda ruwa da gara ba sa kaiwa aƙalla har zagaye na gaba ya ƙare, kuma ki nuna wa mutum ɗaya a gida, maigida ko babbar ƴarki, wurin da yake da yadda ake karanta gidan ƙarshe.